Shafina na LinkedIn ya cika, amma ba a ganina a bincike

"Malam, barka da aiki. Na gama lisansi a jami'ar Damagaram, na yi shekara biyu ina aikin tattara bayanai a wani furoje na yaƙi da tamowa a Magarya, kwangilar ta ƙare. Na cika shafina na LinkedIn kaf, har ya nuna mini na kai matakin ƙarshe, amma wata huɗu ke nan ba wanda ya neme ni. Ƙawata da ko rabin nata ba ta cika ba, an rubuto mata har sau biyu. Shin cikawar tana ɗaga mutum a bincike kuwa? In tana yi, wane wuri ya fi muhimmanci? Ga adireshin shafin nawa, ku duba mini don Allah."

Barka kadai, ƙanwata. Na buɗe shafin naki na karanta shi daga sama har ƙasa, sannan na yi abin da nakan yi idan an ce in samo mutum a buro: na neme ki kamar ban san sunanki ba. Ban same ki ba. Sai da na rubuta sunanki kika fito, kuma mai ɗaukar ma'aikata ba ya rubuta suna, don da ya san sunan ai da ba bincike zai yi ba, salula zai ɗauka ya kira.

Ma'aunin da kika cika ba ƙarya ya yi miki ba. Abubuwa bakwai yake ƙirgawa: hoto, wurin zama, fannin aiki, karatu, muƙami, ƙwarewa aƙalla biyar, da ɗan bayanin kai. Duk wanda ya sa wani abu a kowane gurbi zai haura daga matakin farko zuwa na tsakiya, ya kai na ƙarshe, wanda ake kira All-Star a Turanci, Expert absolu a Faransanci. Sai dai ma'aunin nan ba ya karanta abin da aka rubuta. Yana duba ko gurbi wayam yake ko an sa masa wani abu, shi ke nan. Ke kaɗai ma kike ganinsa. Ni da ke wannan ɓangaren ba a nuna mini wane ne ya kai matakin ƙarshe, wane ne bai kai ba, kuma babu wani maɓalli da zan danna in ce a kawo mini masu cikakken shafi.

Za ki ji ana yawan faɗin cewa mai cikakken shafi ya fi samun dama har ninki 40. Kamfanin ne da kansa ya daɗe yana yaɗa wannan adadi. Ni ba na musa shi, amma ina so ki gane abin da yake nufi. Mutanen da suka zauna suka cika shafinsu, galibinsu su ne masu shiga kullum, masu yawan abokan hulɗa, masu amsa saƙo. An kwatanta su da waɗanda suka buɗe shafi rana guda suka manta lambar sirri. Dole tazarar ta yi yawa. Wannan bai nuna cewa ranar da kika cike gurbi na bakwai injin bincike zai ɗaga ki sama da ƙawarki ba.

## Tankaɗe ne kafin jeri

Binciken hawa biyu yake. Hawa na farko tankaɗe ne. Mai nema yana sa sharuɗɗa: ga gari, ga muƙami, ga kalmomi. Wanda shafinsa ya dace da sharuɗɗan ya wuce rariya, wanda bai dace ba ya zama tsaki, ba zai fito a shafi na ɗaya ba, ba zai fito a na hamsin ba. Hawa na biyu shi ne jera waɗanda suka wuce: wa zai zo sama, wa zai zo ƙasa. Mafi yawan masu tambayata hankalinsu yana kan hawa na biyu, suna so su san yadda za su hau sama, alhali tun a rariya aka zubar da su. Naki ma haka ne.

Amfanin cikawa, in za a faɗe shi daidai, shi ne kowane gurbi ƙofa ce da wani sharaɗi yake bi ya iso ki. Gurbin da babu komai ƙofa ce a rufe. Gurbin da aka cika da kalmomin da ba wanda ke nema, ita ma a rufe take, sai dai an shafa mata fenti.

Bari in nuna miki yadda nake yi da hannuna. A ce an ba ni aikin samo mai taimaka wa jami'in bibiya da auna aiki, wanda zai zauna Damagaram yana fita Magarya da Dungas. Ga abin da zan rubuta a akwatin bincike:

```
("suivi-évaluation" OR "suivi et évaluation" OR MEAL) AND (Kobo OR KoboToolbox OR ODK)
```

Alamar zance tana sa a nemo kalmomin a jere yadda na rubuta su, OR yana nufin ko wannan ko wancan, AND yana nufin dole a samu duka biyun, kuma sai an rubuta su da manyan baƙaƙe suke aiki. Daga nan in zaɓi Personnes, in je Lieux in sa Zinder. Iyakar abin ke nan, bai kai minti ɗaya ba. A binciken kyauta mutum goma ke fitowa a kowane shafi, kuma gaskiyar magana ban cika wuce shafi na uku ba, musamman ranar da rezo ke ja da baya.

Yanzu ki ɗora shafinki a kan wannan. Babu kalmar suivi-évaluation, wato bibiya da auna aiki, ko ɗaya a cikinsa. Babu Kobo, manhajar tattara bayanai a salula. Wurin zamanki kuma Niger kawai kika sa, babu gari. Sau uku kika faɗi a rariya ɗaya. Ƙawarki, ko ban ga nata ba, na tabbata a ɗan abin da ta cika akwai sunan aikin da ake nema da sunan garin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kin iya aikin. A ina na sani? A hoton takardar shaidar aiki da kika liƙa can ƙasa. Sai da na buɗe hoton na ja shi da yatsa biyu kafin na karanta cewa kin yi amfani da KoboCollect a kan salula, kin tattara awon damtsen yara ƙauye-ƙauye, kina haɗa rahoton mako na cibiyoyin kula da masu tamowa. Duk abin da nake nema yana nan, amma a cikin hoto, kuma binciken rubutun da ke cikin gurabe yake bi. Kin ajiye hatsi a rumbu kin toshe bakin, kin fito kasuwa da buhu wayam.

## Wurin zama

Da wannan za ki fara, don shi ne mafi sauƙin gyara kuma shi ya fi zubar da mutane. Kusan ba a yin binciken ma'aikaci ba a sa gari ba. Wanda ya sa ƙasa kawai, in an tace da sunan gari ba ya cikin lissafi. Ki shiga gyaran kan shafi, a gurbin gari ki fara rubuta Zinder, ki jira jerin ya sauko, ki zaɓa daga ciki. Kada ki rubuta Damagaram, duk da shi ne sunan da ke bakinmu. Mai nema daga Yamai ko Dakar abin da ke kan taswira zai sa. Kuma ki duba ƙasar da kyau. Na taɓa ganin wani yaro ɗan Zango da ya zaɓi Niger ta Najeriya, wato jihar da Minna ke cikinta, ya shekara yana jiran kira alhali injin ya kai shi wata ƙasa.

Akwai masu sa Niamey da gangan suna zaune a nan, wai can ne ayyuka suke. Na fahimci dabarar, amma ga mai irin aikinki asara ce. A Yamai za ki shiga cikin taro mai yawa, da masu mastar da masu shekara goma a aiki. A Damagaram ku kaɗan ne, kuma wanda ke neman mutumin da zai fita Kance ko Tanut ya fi son wanda ke nan, ya san hanya, ba sai an yi masa jigilar kusan kilomita 900 ba. In kina son a gan ki a Maraɗi ko Difa ko Yamai, akwai wurin faɗin haka, zan zo kansa.

## Sunan aiki, a wuri biyu

Nan ne zan daɗe, don nan ne nauyin yake. Sunan aiki yana zama a wuri biyu: layin da ke ƙarƙashin sunanki, wanda ake kira Titre, da kuma muƙaman da ke cikin Expérience.

Layin ƙarƙashin suna yana ɗaukar baƙi 220, kuma aiki biyu yake yi. Injin yana karanta shi, sannan shi ne abin da idona ke fara gani a jerin sakamako, tare da hoto da gari. Ke abin da kika rubuta shi ne kina neman sababbin damammaki, ke mai kuzari ce mai himma. Ban taɓa jin wanda ya rubuta "mai himma" a akwatin bincike ba. Kin ba da wuri mafi tsada a shafin ga kalmomin da ba sa kawo kowa. Wani abu kuma: kin rubuta layin da irin baƙaƙen nan masu kauri masu ado da ake kwafowa daga wasu shafuka. A ido suna kama da baƙaƙe, amma a wurin na'ura alamomi ne na daban, na lissafi, don haka ko kin rubuta kalmar da ta dace da su, mai neman kalmar da baƙaƙen yau da kullum zai iya wuce ki. Ki goge, ki rubuta da hannunki. Ga yadda zan sa shi da ni ne:

```
Suivi-évaluation (MEAL) | Collecte de données KoboToolbox | Nutrition | Haoussa, français
```

Ki lura ban ba ki muƙamin da ba ki taɓa riƙewa ba. Fannin na faɗa, da kayan aikin, da harshen. Kuma kalmar da ta fi muhimmanci ita ce a gaba, don a salula ana yanke ƙarshen layin.

A cikin Expérience kin sa Agent terrain, don haka kwangilarki ta ce. Gaskiya ne, amma suna ne da ke rufe mai raba gidan sauro da mai wayar da kai da mai tattara bayanai duka. Kada ki canja shi zuwa abin da ba shi ba, don ranar da aka kira tsohon wurin aikinki a tambaya, sunan da ke takarda za su faɗa. Ki bar shi, ki ƙara masa aikin da kika yi a zahiri:

```
Agent terrain, collecte de données et suivi-évaluation
```

Ƙarƙashinsa akwai filin bayani da kika bari babu komai. Layi huɗu ko biyar sun isa: ƙauyuka nawa kika riƙe, da wane kayan aiki, wane irin bayani, wa kike miƙa wa rahoto, sau nawa a wata. Ki sa adadin gaskiya da za ki iya karewa a gaban masu tambaya. Kuma duk kalmar da ke da gajeren suna da dogo, ki rubuta duka biyun aƙalla sau ɗaya. Fanninmu cike yake da wannan: wani zai nemi CRENAS, wani ya nemi malnutrition aiguë; wani WASH, wani EHA; wani MEAL, wani S&E. Injin ya san wasu kalmomin ƴan uwan juna ne, yakan haɗa su, amma gajerun sunayen da mu kaɗai ke amfani da su a Sahel ba abin dogaro ba ne a bar masa ya yi hasashe.

Sunan ƙungiyar ma kin rubuta shi da hannu, shi ya sa babu tambarinta a gefe, sai ɗan akwati mai toka-toka. Wannan akwatin alama ce cewa shafinki bai haɗu da shafin ƙungiyar ba. Mukan tace da tsohon wurin aiki, mu ce a kawo waɗanda suka taɓa aiki a wuri kaza, don mun san irin horon da ake bayarwa can. Sai wanda ya zaɓi sunan daga jeri yake da tabbacin fitowa. Haka ma makaranta. Jami'armu an san ta da Université de Zinder kafin a raɗa mata sunan André Salifou, kuma ƴan makarantar kowa da yadda yake rubutawa. Ki zaɓi wadda ta sauko a jeri da tambarinta.

Saura matsalar da ba ta da magani mai tsabta: kwangilarki ta ƙare, ba ki da muƙamin yanzu. Wasu matatan muƙamin da mutum ke riƙe da shi a yanzu suke dubawa, don haka wanda ke zaune yakan ɓace daidai lokacin da ya fi bukatar a gan shi. Wasu suna barin tsohon aiki a buɗe kamar suna kai. Kada ki yi. Ana ganewa, kuma a gari irin namu ma'aikatan ƙungiyoyi duk sun san juna. In kina karɓar ƙananan ayyukan ƙidaya na kwana goma ko mako biyu, kamar yadda yawancin masu irin aikinki ke yi tsakanin kwangila da kwangila, to wannan aiki ne, ki sa shi a matsayin na yanzu, mai zaman kanta, da sunan da ya dace kamar Enquêtrice indépendante. In kina taimaka wa wata ƙungiyar unguwa da rajistarta, shi ma ya halatta. In babu ko ɗaya, ki bar wurin, layin ƙarƙashin suna ya ɗauki nauyin.

## Ƙwarewa da harsuna

Biyar ɗin da kika sa a Compétences su ne Word, aiki tare da jama'a, sadarwa, jagoranci da kiyaye lokaci. Sun cika miki ma'auni, amma kusan kowane ɗalibi da ya fito jami'a su ya sa, ba sa bambanta ki da kowa. Gurbin yana ɗaukar har 100. Ba na ce ki kai can ba. Goma sha biyar zuwa ashirin na gaskiya sun fi ɗari na cika wuri. Hanyar samo su mai sauƙi ce. Ki tara sanarwar aiki biyar irin wanda kike so, ki ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke maimaituwa, ki ware waɗanda kika iya da gaske. Za ki ga KoboToolbox, ODK, Excel, collecte de données, analyse de données, nutrition suna ta dawowa. Kowace ki fara rubuta ta ki zaɓa daga jerin da ya sauko, sannan in an tambaye ki inda kika yi amfani da ita, ki haɗa ta da aikin Magarya. Ƙwarewar da ke rataye da wani aiki ta fi wadda ke tsaye ita kaɗai ƙarfi a idon mai karatu. Shaidar da abokai ke dannawa a kan ƙwarewa kuwa, ba ta cutarwa, amma kada ki ɓata kuɗin rezo kina roƙonta.

A Langues kin sa Faransanci da Turanci, kin bar Hausa. Kusan duk ƴan Damagaram haka suke yi, kamar harshen da aka sha a nono ba ƙwarewa ba ne. Ga aikin fita ƙauye shi ne sharaɗi na farko, kuma manhajar da manyan ƙungiyoyi ke biya, LinkedIn Recruiter, tana da matacin harsunan da mutum ke ji. Wanda ke zaune a wata ƙasa yana haɗa tawaga ba zai ɗauka kin iya Hausa don kina Zinder ba. Abin da aka rubuta zai bi. Ki sa ta, ki nuna harshen uwa ne. In kina jin Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, ko da na gaisuwa da tambayar awo ne, ki sa da matakin gaskiya. A yankin Gure da Tanut wannan kaɗai yana iya raba ki da mutum ashirin.

Turancin da kika ce kina da shi, in ya kai ki rubuta sakin layi, akwai damar ƙara shafi na biyu a wani harshe, a kan shafin nan ɗaya. Amfaninsa shi ne mai nema da kalmomin Turanci ya same ki. Amma wannan aikin mako na biyu ne, bayan na Faransancin ya tsaya da ƙafarsa.

## Bayan an wuce rariya

Kamfanin bai taɓa fitar da nauyin kowane abu a jeri ba, kuma yana canja lissafin, don haka duk wanda ya ce miki layin suna kashi kaza ne, ƙwarewa kashi kaza, daga kansa ya ƙago. Abu biyu dai tabbatattu ne.

Na farko, babu jeri ɗaya na kowa da kowa. Ni da abokin aikina in muka rubuta kalma ɗaya, sakamakonmu zai bambanta, don ana la'akari da kusancin mai nema da wanda ake nema: wanda kuke haɗe kai tsaye, wanda kuke da aboki a tsakani, da na nesa. Wannan ya fi shafarmu a nan, domin ƙananan ƙungiyoyi da ofisoshin yanki da yawa ba sa biyan kuɗin Recruiter, da binciken kyauta suke aiki, inda kusanci ke da ƙarfi sosai. Abokan hulɗarki sittin da ɗaya ne, kusan dukansu ƴan ajinku. Ku duka kuna neman aiki, kuna zagaye ɗaya. Mutum talatin daga cikin waɗanda kika yi aiki da su a Magarya, shugaban tawagarku, jami'in bibiya, mai kula da ma'aikata, likitocin gundumar, za su sa ki zama ta kusa ga ɗaruruwan masu ɗauka. Ki fara da waɗanda suka san fuskarki, ki haɗa da ɗan saƙon tunatarwa.

Na biyu, injiniyoyin kamfanin sun bayyana a rubuce-rubucensu na 2018 cewa jerin Recruiter ana koya masa ne da abin da suka kira sha'awar ɓangare biyu: mai ɗauka ya aika saƙo, wanda aka aika wa ya karɓa. Wato ba dacewa kaɗai ake aunawa ba, har da yiwuwar mutum zai amsa. Shafin da mai shi ya yi wata uku bai leƙa ba ba ya nuna alamar zai amsa. Ba sai kin riƙa rubuce-rubuce kullum ba. Ki shiga sau biyu ko uku a mako, ki bar sanarwar saƙo a kunne, kuma duk wanda ya rubuto ki amsa da wuri.

Nan ne Open to Work ke shigowa, kuma ba ya cikin bakwai ɗin da ma'auni ke ƙirgawa, shi ya sa ba ki kunna shi ba. A cikinsa za ki sa sunayen aiki har biyar da kike so, da garuruwan da za ki iya zuwa. Nan ne wurin Maraɗi da Difa da Yamai. Yana ba ki damar a same ki da muƙamin da ba ki riƙe ba tukuna, ba tare da kin yi ƙarya ba. Za a tambaye ki wa zai gani: masu ɗauka kawai, ko kowa. Zaɓin farko masu biyan Recruiter kaɗai yake nuna wa. Ga wanda ke kan aiki yana tsoron maigidansa ya gani, wannan ya fi, ko da yake kamfanin da kansa ya ce ba ya ba da tabbacin ɓoyewa ɗari bisa ɗari. Ke ba ki da abin ɓoyewa, kuma masu nemanki da yawa da na kyauta suke aiki. Ki zaɓi kowa, koren zoben ya fito a hotonki. Na san ana cewa yana nuna mutum ya matsu. A wurina yana nuna wadda za ta iya fara aiki ranar Litinin.

Hoto da Infos, wato gurbin bayanin kai, kuwa, ki bar su yadda suke, da ɗan gyara. Hoto ba ya sa a same ki, yana sa a danna in an same ki, kuma naki da lulluɓinki, fuska a fili, ya yi. Infos yana ɗaukar baƙi 2,600 kuma ana bincika kalmomin da ke ciki, amma layukan farko kaɗai ke bayyana kafin a danna ci gaba, don haka ki ɗauke maganar kuzari ki fara da abin da kika yi a Magarya. Kada ki jera kalma ɗaya sau goma don yaudarar injin. In ma ya kawo ki, ni da zan karanta zan rufe. Sauran gurabe, kyaututtuka da abubuwan sha'awa da hoton bango, duk ranar da kika samu sarari.

Kada kuma in sa miki rai fiye da kima. Ayyuka da yawa a yankin nan ba sa bi ta wannan hanya ko kaɗan: ana liƙa sanarwa a ƙofar buro, ana bi ta hukumar samar da aikin yi, ana turawa a zaurukan WhatsApp, ana kai takardu a ambulan. Gyaran shafi ba zai maye gurbin wannan ba. Inda yake aiki shi ne manyan ƙungiyoyi da kamfanonin bincike da ke haɗa tawaga daga nesa, da kuma lokacin da takardunki suka riga suka iso hannunmu muka leƙa mu ga ko ranakun da ke shafi sun yi daidai da na takarda. Naki akwai saɓanin wata biyu a ranar fara aiki tsakanin shafin da takardar shaidar; ki daidaita.

Kafin ki fara gyara, ki kashe maɓallin sanar da abokan hulɗa da ke fitowa a wurin gyaran muƙami, kada a yi ta taya ki murnar sabon aikin da ba ki samu ba. Sannan ki je sashen ƙididdiga da ke kan shafinki, inda ake nuna sau nawa kika fito a bincike cikin mako, ki rubuta adadin yau a takarda. Ki gyara gari da layin suna da muƙami a zama ɗaya, ƙwarewa da harsuna washegari. Bayan mako biyu ki koma. Adadin zai iya ƙaruwa, amma abin da za ki fi kallo shi ne sunayen aikin da aka same ki da su da wuraren da masu neman suke aiki. In kin ga suivi-évaluation ko enquêteur, kin wuce rariya. In har yanzu abin da ke fitowa bai shafi aikinki ba, kalmomin ne ba su zauna ba. In kuma kina fitowa amma masu buɗe shafin ba su ƙaru ba, matsalar tana layin suna.

Kada ki gwada neman kanki daga shafinki, don abin da za ki gani ba shi baƙo zai gani ba. Ki ba wani da ba ku haɗe ba layin binciken da na rubuta a sama, ya sa Zinder, ya gaya miki a shafi na nawa kika fito. Ki turo mini lambar shafin, da hoton sashen ƙididdigar na mako na biyu, mu ga abin da ya rage.